Yadda Za Ka Karanta Zanen Da'irar Lantarki: Batir, Makunni da Rizisto

Zanen da'irar lantarki ba hoton na'ura ba ne, taswirar hanyar da wuta ke bi ce. Mu ɗauki mafi sauƙi: batir mai bolt 9, makunni, rizisto da ƙaramin ƙwan fitila irin na jikin caja, wanda ake rubutawa LED.

Fara da batir. Alamarsa layuka biyu ne a jere, dogo da gajere. Dogon shi ne +, gajeren kuma −. Ɗora yatsanka a kan dogon, ka bi layin waya, domin a zane ana ɗauka daga nan wuta ke fita ta zagayo ta koma −.

Za ka iske layin ya yanke, da ɗan karan da ya ɗaga kamar ƙofa a buɗe. Makunni ke nan. Muddin yana buɗe, babu abin da zai kama.

Sai rizisto, mai kama da haƙoran zarto, wasu kuma dogon akwati suke zanawa. Aikinsa rage wutar da ke wucewa. Jan ƙwan nan yana cin kusan bolt 2, saura 7. Idan an rubuta 470Ω, raba 7 da 470, ka samu kusan 0.015A, wato 15mA. Ƙwan yana jure kusan 20mA, don haka lafiya lau. Cire riziston kuwa, nan take zai ƙone.

A kula: layuka biyu da suka gitta juna ba su haɗu ba sai in akwai ɗigo a mahaɗar. Nan masu koyo suka fi ruɗewa.