Abin da ke sa fuskar da aka musanya ta yi kama da kakin zuma

Masu aikin sinima na ɗora fuskar wani ɗan wasa bisa jikin wani, da yardar su biyun, ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Sau da yawa fuskar kan fito sumul tana sheƙi kamar kakin zuma, dariya kuma ta koma yaƙe.

Asalin matsalar ƙarancin ɗigo ne. Sanannen tsarin musanya da ake kira inswapper_128 na zana fuska da ɗigo 128 a tsaye, 128 a kwance. In fuskar da ke cikin hoton ta kai ɗigo 512 kowane gefe, tilas a buɗa zanen ninki huɗu tsaye da kwance, ɗigo guda ya rufe gurbin 16. Nan ne ƙananan ramukan fata da gashin gira ke narkewa.

Dalili na biyu shi ne, ba a miƙa wa tsarin hoton mai fuskar kai tsaye. Ana taƙaita kamanninsa cikin lambobi 512 da aka tsara don gane mutum, ko yana fushi ko yana fara'a. Motsin fuska daga hoton asali yake zuwa, amma sake zanen kan rage shi: haƙora su haɗe, tamojin gefen ido su shafe.

Gyara na farko shi ne amfani da tsarin maido da fuska, irin GFPGAN na 2021 ko CodeFormer na 2022, masu aiki da ɗigo 512. Sai dai ƙago bayanin da ya ɓata suke yi, kuma in an sakar musu mara suna iya goge tamoji, har da zanen gado na kumatu. CodeFormer na da ma'auni mai suna w, daga 0 zuwa 1. Kusa da 0 hoto ya fi tsabta amma kamanni na gushewa. Kusa da 1 kamanni na tsayawa amma dishi-dishi na saura.

A ɗauki ɗan wasa mai dariya wanda bakinsa ya lalace. Ma'aikaci zai fara da w a 0,7, ya gwama sakamakon da hoton mai fuskar. Sannan ya gauraya gyararriyar fuskar da wadda ba a gyara ba, rabi da rabi, don rage sheƙi. Daga nan ya keɓe cikin baki, ya maido da haƙora da harshe na hoton asali. Zai daidaita launin fuska da na wuya, ya yayyafa ɗan tsakin da ke sauran hoton.

A sinima, da yake ana gyara kowane hoto shi kaɗai, fata na iya yin ƙyafta-ƙyafta. Maganinsa a sassauta gyaran. Wanda aka kawo wa hoton da yake shakka, ya gwama fuska da wuya da kunne: in fuskar ta fi su santsi, akwai alamar an taɓa ta.