Idan Bashi Ya Fi Ƙarfin Shago, Wa Zai Biya?

'Yan kasuwa da dama na rataye takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a bangon shago, suna cewa sun buɗe kamfani. Sau da yawa abin da suka yi rajista sunan kasuwanci ne kawai. A idon doka, mai irin wannan takarda da kasuwancinsa mutum ɗaya ne. Kamfanin da sunansa ke ƙarewa da Ltd kuwa doka na ɗaukarsa wani mutum daban: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa. Ba a cika ganin wannan bambanci ba sai ranar da kasuwa ta juya baya.

A ɗauka wani dillalin riɗi a Dawanau ya karɓi kaya bashi na naira miliyan 20. Farashi ya faɗi, wasu buhunan kuma danshi ya lalata su a sito. Da aka haɗa kayan da suka rage da kuɗin da ke asusu, miliyan 12 aka samu. Saura miliyan 8. In shi kaɗai ke kasuwancinsa da sunan da ya yi rajista, masu bin bashi za su iya samo hukuncin kotu a sayar da motarsa, ko gonarsa, har gidan da iyalinsa ke ciki. In kuwa kamfani ne ya karɓi kayan, kuma ya riga ya biya kuɗin hannun jarinsa, a ce miliyan 1, to asararsa ta tsaya nan. Miliyan 8 ɗin bashin kamfani ne, masu kaya su rungumi ƙaddara. Wannan hukuncin kotu ke nan; ko Dawanau za ta sake yarda da shi, wannan wata magana ce.

Sai dai katangar tana da ƙofofi, kuma yawanci mai kamfanin ne ke buɗe su da hannunsa. Banki ya san wannan doka sarai, shi ya sa da wuya ya ba ƙaramin kamfani rance ba tare da darakta ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa ba, ko ya ajiye takardar gidansa jingina. Da zarar ya sa hannun nan, bashin ya dawo wuyansa. Haka kuma wanda ya ci gaba da karɓar kaya da niyyar damfarar masu su, kotu na iya tsallake kamfanin ta kama shi. Mai biyan kuɗin makarantar yara da cefane daga asusun kamfani ma yana raunana hujjarsa ta cewa shi daban, kamfani daban.

Ta fuskar haraji, mai kasuwanci shi kaɗai ribarsa ita ce kuɗin shigarsa, kuma hukumar haraji ta jiharsa yake biya. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, daga nan kaso ke hawa har ya kai 25 cikin ɗari. Kamfani kuwa gwamnatin tarayya yake biya. Ƙananan kamfanoni an yafe musu harajin riba: tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka ware waɗanda cinikinsu bai wuce miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka. Wanda ya haura iyakar yana biyan 30 cikin ɗari, sannan in an raba riba a cire wani kashi 10. Ribar miliyan 10 ke nan ta koma miliyan 7, abin da zai shiga aljihun mai kamfani miliyan 6 da dubu 300. Yafewar nan ba ta ɗauke wa kamfani shigar da bayanansa kowace shekara a CAC da hukumar haraji ba, kuma akanta ba ya aiki kyauta.

Wajen neman jari ne kamfani ya yi wa ɗan uwansa nisa. Mai kasuwanci shi kaɗai ba shi da abin sayarwa. Sai adashe, ko rance, ko taimakon dangi. Kamfani na iya yanka hannun jari, ya ba wani Alhaji kashi 25 a kan kuɗin da ya zuba, a rubuce, su ci riba tare su yi asara tare, abin da ya fi kwanta wa mai gudun kuɗin ruwa. Amma ba a yarda ya yi shela ga jama'a su zo su saya ba, kuma masu shi ba za su wuce 50 ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa shiga: mutum ɗaya ma zai iya kafa irin wannan kamfani, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba.