Yadda likitoci ke lissafa ƙarin ruwan da ake yi wa yaro a asibiti

Yaron da aka kwantar a asibiti, kuma ba ya iya ci ko sha, yakan buƙaci ƙarin ruwa ta jijiya domin mayar da abin da jikinsa ke rasawa kullum ta fitsari da gumi da numfashi. Da nauyin yaron ake ƙayyade yawan ruwan da zai shiga a kowace sa'a.

Ƙa'idar lissafin ta samo asali ne daga wasu likitocin Amurka biyu, Malcolm Holliday da William Segar, a shekarar 1957. A taƙaice ana kiranta 4-2-1. Kilo goma na farko, kowane kilo yana samun mililita 4 a sa'a. Kilo goma na biyu, mililita 2. Duk kilon da ya haura 20 kuma, mililita 1. Dalilin raguwar shi ne, yayin da yaro ke girma, buƙatar ruwa ta kowane kilo na jikinsa tana raguwa.

A ɗauki yarinya mai kilo 23. Goman farko ya ba da mililita 40, na biyu 20, sauran kilo ukun kuma 3. Jimilla mililita 63 ke nan a sa'a, wato kimanin lita ɗaya da rabi a yini. Da an ninka nauyinta duka da 4, da an samu 92, wanda ya zarce buƙatarta sosai.

Sai dai lissafin yana da iyaka. Bai shafi ruwan da gudawa ko amai suka riga suka zubar ba, wannan daban ake ƙididdige shi. Ba a kuma amfani da shi ga jarirai sabbin haihuwa. Yara masu tamowa ko ciwon zuciya ko na ƙoda su ma ana yi musu tsari na daban.

Akwai wani haɗarin kuma. Cututtuka irin su sanƙarau da ciwon huhu, ko aikin tiyata, kan sa jiki ya riƙe ruwa. Idan aka ba irin wannan yaro ruwa mai ƙarancin gishiri, sinadarin sodiyam na jininsa yakan faɗi, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamominsa su ne ciwon kai, amai, yawan barci, sannan jijjiga. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar amfani da ruwan da gishirinsa ya yi daidai da na jini. Likitoci kan kuma rage adadin ga irin waɗannan yara, sau da yawa zuwa kashi biyu cikin uku.

Kumburin fatar ido ko saurin numfashi na iya nuna cewa ruwa ya yi yawa. Saboda haka ake auna nauyi da fitsari da gishirin jini a kullum, kuma da zarar yaron ya fara sha da bakinsa, sai a rage ruwan har a cire.