Allon farashi a shagon kitso: abin da ya kamata a rubuta kafin a taɓa kai

A shagon kitso, rigimar kuɗi ba kasafai take tashi da safe ba. Sai an gama, mai kai ta duba madubi ta yaba, ta ɗaura ɗankwali, ta buɗe jaka, sannan a ji murya ta canza. "Haba Anti, ba dubu uku na gani a bango ba?" Makitsiya kuma ta fara ƙirga da yatsu: tsifa, wankin kai, busarwa da janareta, ga gashin ma ya yi cika. Kowacce tana da gaskiyarta, kuma kowacce za ta kwana da ɓacin rai. Laifin yana jikin takardar da aka manna a bango, wadda ta faɗi farashin kitso ta yi shiru a kan duk abin da ke zagaye da shi.

A ɗauki misalin ƙaramin shago mai kujera uku a wata unguwa a Kano, inda aka rubuta "Kitso 3,000" kawai. Mace ta shigo da tsohon kalaba a kanta, tana son shuku ƙanana. Yarinyar shago ta kwashe kusan awa guda tana tsifa, a ce kuɗinta 1,000. Aka wanke kai, 1,500. Babu wuta, aka tayar da janareta don busarwa, 1,000. Ƙananan kitso sun fi manya cin lokaci, an ƙara 1,000. Lissafi ya tashi 7,500, wato ya ninka abin da ta gani a bango har da ɗori. Babu ko ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan da ya zama zalunci, domin duk aiki ne aka yi. Matsalar ita ce matar ta ji su ne a lokacin da ba ta da damar cewa a bar wani, tunda kan da aka wanke ba ya komawa yadda yake.

Gyaran yana farawa daga layin farko. Kowane aiki a allon yana bukatar suna, da taƙaitaccen bayanin abin da kuɗin ya ƙunsa, sannan farashi. Maimakon "Kitso 3,000", sai a rubuta "Shuku manya, da gashinki, babu wanki: 3,000", a ƙasansa kuma "Shuku ƙanana, da gashinki, babu wanki: 4,000". Kalmomin nan biyu, "babu wanki", su kaɗai suna kashe rabin gardama. Haka wankin kai: a faɗi ko da sabulun shago ne, ko har da man laushi da busarwa. A wurin sitimin a faɗi wa zai kawo man, domin mata da yawa suna zuwa da haɗinsu na man kaɗanya ko man kwakwa daga gida, kuma ba daidai ba ne su biya kuɗi ɗaya da wadda aka ɗebar wa na shago.

Ƙarin caji ya fi kyau a ware masa nasa gefen allo, da kansa a sama: "Abin da ake ƙarawa". Nan ne ake gane mai shagon da ta zauna ta yi tunani. Ƙarin da ke zaman lafiya shi ne wanda ake iya gani ko ƙirgawa. Tsawon kitso ana auna shi da jiki, zuwa kafaɗa, zuwa tsakiyar baya, zuwa ƙugu, kowanne da kuɗinsa. Gashin ƙari ana ƙirga shi da fakiti, a rubuta kuɗin fakiti ɗaya, a kuma rubuta cewa wadda ta zo da nata kuɗin hannu kawai za ta biya. Tsifa a raba ta biyu, ta manyan kitso da ta ƙanana. Amma "ƙarin cikar gashi" da babu adadi a gabansa ƙofar rikici ce, don babu matar da za ta yarda cewa gashinta ya kai a ci ta tara. Idan dole ne a saka shi, a yanke masa kuɗi guda, a duba kan tun kafin a sa masa tsinke, a faɗa mata.

Kalmar "daga" ma abar lura ce. Wadda ta karanta "daga 5,000" dubu biyar ta riƙe a ranta. Gara a rubuta "5,000 zuwa 8,000, gwargwadon tsawo".

Kuɗin janareta ya cancanci a tsaya a kansa, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama babban nauyi a kan ƙananan shaguna. Na'urar busar da gashi tana jan wuta sosai, ƙaramin janaretan da ke riƙe fanka da ƙwan fitila ba ya iya ɗaukarta. Matsakaicin da zai ɗauke ta kan sha kusan lita guda a awa. Mai shago za ta iya kallon agogo ta ga minti nawa busarwa ke ci, ta lissafa man, ta ɗora ɗan abin gyaran inji, ta rubuta adadin ƙarara: "Busarwa da janareta, ƙarin kaza." Da zarar yana bango, mai kai na da zaɓi. Wata za ta biya, wata za ta ce a goge da tawul ta zauna iska ta busar, wata kuma gobe ta zo da kanta a wanke daga gida.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta shekarar 2018, ta wajabta wa mai sana'a ya bayyana farashin kaya ko aikin da yake tallatawa, ta kuma hana karɓar fiye da abin da aka bayyana. A watan Fabrairu na 2024 hukumar FCCPC, wadda ke kula da dokar, ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wajen biya. Da wuya jami'an hukuma su leƙa shagon kitso na cikin lungu, amma matan unguwa suna da nasu hukuncin, kuma labarin "ta cuce ni" yana riga mai shago isa gidan biki.

Tunda farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya, bai kamata a buga kuɗin a bana mai tsada ba. A buga sunayen ayyuka da bayaninsu, a bar gurbin kuɗi a riƙa cike shi da alƙalamin da ake gogewa, a sa kwanan watan da aka sabunta a ƙasa. Allon da aka kankare aka yi ta rubutu a kan rubutu yana sa mutum zargin cewa don shi aka ƙara. Haruffa su kai tsawon santimita biyu da rabi idan daga nisan mita uku za a karanta, kuma a rataye shi inda mai shigowa za ta gani kafin ta zauna, ba bayan ƙofa ba. Saboda waɗanda ba su karanta boko, hotunan kitso masu lamba suna aiki: ta nuna hoto na huɗu, a nuna mata kuɗin lamba huɗu.

Sauran layuka biyu ko uku su tafi ga ranakun cunkoso. Idan ana ƙara kuɗi a makon Sallah, a rubuta shi tun azumi yana tsakiya. Zuwa gida a faɗi cewa kuɗin adaidaita sahu, zuwa da dawowa, yana kan mai kira. Kitson amarya da ƙunshinta kuwa, wanda kan cinye wa shago yini guda, a rubuta nawa ne kafin alƙalami, da kwana nawa kafin ranar za a iya fasawa a karɓi kuɗin.