Kada Ka Zare Filogi Alhali Na'ura Tana Sabuntawa

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin 'yan uwanmu masu shaguna a Jamaica Avenue da Sutphin Boulevard a nan Queens, wai idan rauta ko waya ta daɗe tana sabuntawa, sai ka zare filogi ka mayar, za ta farfaɗo. Na gaji da jin wannan magana. Dabarar tana aiki idan na'ura ta ƙame a aikinta na yau da kullum, amma a lokacin sabunta manhajar tushe, wadda allo ke rubutawa Firmware, hanya ce ta kashe na'ura da hannunka.

Aikin mataki uku ne: saukar da fayil, tantance shi, sannan rubuta shi. Idan wuta ta yanke a na farko ko na biyu, babu asarar komai, sai dai a sake. Haɗarin yana cikin na uku. Ɗauki ƙaramar rauta mai ƙwaƙwalwar filash ta megabait 16, wadda aka raba gida-gida, kowane gida kilobait 64, wato gidaje 256. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta yarda a yi rubutu kan tsohon rubutu, dole a goge gida tas kafin a zuba sabo. To idan ka zare filogi aiki ya kai rabi, tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwa ba ta cika ba. Za ka ga fitilar wuta tana ƙyaftawa ba iyaka, ko na'urar ta yi ta kunna kanta tana kashewa, kuma shafin saiti ya ƙi buɗewa. In an yi sa'a ɗan shirin da ke tayar da ita, irin su U-Boot, bai taɓu ba, mai gyara zai iya tura mata fayil ta kebul da TFTP. In shi ma ya taɓu, sai an buɗe ta an rubuta ƙwaƙwalwar kai tsaye, kuma sau da yawa kuɗin gyaran ya fi na sabuwa.

Wani zai ce ai wayarsa ta mutu tana sabuntawa kuma ta tashi lafiya. Gaskiya ne, domin tun Android 7.0 a 2016 wayoyi da dama suna da rumbu biyu, A da B. Ana rubuta sabuwa a wanda ba a amfani da shi, in ta gaza tashi a koma tsohuwa. Rauta mai araha, firinta da kyamarar shago, da yawansu ba su da wannan gata.

Kada kuma a ce nan ba Kano ba ce, ba a ɗauke wuta. Ranar 4 ga Agusta 2020 guguwar Isaias ta kayar da itatuwa kan wayoyin lantarki a Queens, wasu gidaje suka yi kwanaki a duhu. Saboda haka kada ka fara ana hadari. Haɗa rauta da kwamfuta ta kebul, ka sa ta a kan batirin ajiya in kana da shi, ka duba lambar samfurinta da ke ƙasanta ta dace da fayil ɗin, har lambar zubinta, V1 ko V2. Waya ta wuce rabin caji, kuma a bar ta a jone. Sannan ka ba ta lokaci, ko da layin allo ya yi kamar ya tsaya.

Sai batun tantancewa. Kamfani yana lissafa wa fayil ɗinsa lamba ta musamman da SHA-256, harufa da alƙaluma 64, wadda ke sauyawa gaba ɗaya idan an taɓa ko ɗigo guda. Sai ya sa wa lambar hannu da mabuɗin sirri da ke wurinsa kaɗai. Ita kuwa na'ura tana ɗauke da mabuɗin fili tun daga masana'anta. Da fayil ya iso, takan lissafa lambar da kanta, ta gwada sa hannun da mabuɗin, in ba su dace ba ta ƙi rubutawa. Kai ma za ka iya lissafawa a Linux:

```
sha256sum firmware.bin
```

Amma dacewar wannan lamba da ta shafin da ka sauko da fayil ɗin tana nuna cewa bai lalace a hanya ba ne kawai. Wanda ya sauya fayil zai iya sauya lambar da ke gefensa. Sa hannu ne ke nuna mai shi, shi ma yana da iyaka: a Maris 2019 Kaspersky ya bayyana cewa maharan ShadowHammer sun raba gurɓatacciyar manhajar sabuntawa ta ASUS ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya. Tsofaffin rautoci da yawa ma ba sa duba sa hannu ko kaɗan, duk abin da ka ba su za su karɓa.

Don haka fayil ɗin da aka turo maka a WhatsApp wai yana buɗe waya ko ƙara ƙarfin intanet, goge shi. Idan na'ura ta ce tantancewa ta gaza, kada ka nemi wanda zai tsallake maka ita. Sake saukar da fayil ɗin daga cikin saitin na'urar ko shafin kamfanin da ya ƙera ta.