Jadawalin Tarihi Domin 'Yan Makarantar Gaya Da Ajingi

Duk shekara idan jarrabawa ta gabato, sai ka ga yara a gindin itatuwa suna haddace shekaru kamar masu tilawa. Amma da an tambaye su abin da ya kawo wani yaƙi, ko abin da ya biyo bayansa, sai ido ya raina fata. Maganin wannan shi ne jadawali mai gida huɗu, watau shekara, da abin da ya auku, da dalilinsa, da kuma abin da ya haifar. Ga misali daga tarihin ƙasarmu:

| Shekara | Abin da ya auku | Dalili | Abin da ya haifar |
|---|---|---|---|
| Tsakanin 1670 da 1703 | Sarkin Kano Dadi ya kashe Sarkin Gaya Farin Dutse | Ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku | Tawayen ya mutu |
| 1703 zuwa 1731 | Gayawa sun sami faɗa a ji a Kano | Uwar Sarki Sharefa Bagayiya ce | Gaya ta kusanci fada |
| 1807 | Yaƙin Ɗan Yaya | Jihadin Shehu da ya tashi cikin 1804 | Alwali ya bar gari, Kano ta bi Sakkwato |
| 1893 zuwa 1895 | Basasar Kano | An naɗa Tukur, Yusufawa suka ƙi | Alu ya hau gado |
| 2019 | Sarkin Gaya ya sami daraja ta ɗaya | Dokar raba masarautar Kano | Sarakunan yanka sun zama biyar |
| 2024 | An soke dokar 2019 | Sabuwar gwamnati ta yi tata doka | Gaya ta koma daraja ta biyu, da Ajingi da Albasu ƙarƙashinta |

To, bari mu ɗauki layi biyu na fari mu warware su, don a ga inda yara kan yi tuntuɓe.

Littafin Tarihin Kano ya ce Farin Dutse ya hana haraji har shekara uku, kana Sarki Dadi ya yaudare shi ya zo ganawa, ya kashe shi. Yaro mai garaje sai ya rubuta a gida na huɗu wai daga nan ƙarfin Gaya ya karye. Wannan kuwa kuskure ne. Farin Dutse yana da 'ya mai suna Mariyama, ita ce ta haifa wa Dadi ɗansa Muhammadu Sharefa. Da Sharefa ya hau gado cikin 1703, sai dangin uwarsa suka sami shiga a fada. Ashe jikan wanda aka kashe shi ne ya gaji wanda ya yi kisan.

Amma fa kada wani yaron kuma ya ce kisan ne ya ɗaukaka Gayawa, don kawai shi ya riga aukuwa. Auren ne ya ɗaukaka su. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka, da ba a yi abu na farko ba, na biyu zai auku? Da Dadi bai auri Mariyama ba, da Sharefa bai zama ɗan Bagayiya ba. In amsa ta fito haka, ka sami dalili. In ba ta fito ba, jerin lokaci kurum ka samu.

Sa'an nan sai maganar shekara. Littafin bai faɗi shekarar da aka kashe Farin Dutse ba, yawan shekarun sarautar kowane sarki yake bayarwa. Bature Palmer, wanda ya buga fassararsa cikin 1908, shi ya yi lissafi da baya har ya kai Bagauda cikin 999. Lissafi irin wannan yana iya zamewa, balle ma shekara 33 ta Hijira daidai take da kimanin 32 ta Turawa. Saboda haka lalle yaro ya rubuta "tsakanin 1670 da 1703", kada ya ƙago shekara guda. Labarin maƙerin nan Kano, da aka ce ya taso daga Gaya neman tama a Dala, shi kuwa ba a sa masa shekara ko kaɗan, sai a rubuta "labarin kaka da kakanni".

Idan jadawali ya kammala, ka rufe gida uku da takarda, ka bar na huɗu a buɗe, ka komo da baya har ka faɗi shekara. Layin da ka kasa sau biyu, shi za ka koma wa littafi a kansa kafin ranar jarrabawa. Allah ya ba da sa'a, amin.