Waya a Hannu, Kofi a Gefe: Yadda Ake Umartar Na'ura Ta Zana Hoton Manhaja

Duk matashin da ya ƙirƙiro manhajar waya, yake kuma neman masu zuba jari su ba shi kuɗin kafa kamfani, 'yan mintoci ƙalilan ake ba shi ya yi bayani a gabansu. A cikin wannan ɗan lokaci yakan haska musu hotuna a bango, kuma hoton da ya fi saurin isar da saƙo shi ne wanda ya nuna manhajar a cikin waya, wayar a hannun mutum, mutumin kuma a wurin da ake sa ran za a yi amfani da ita. A da sai an nemo mai ɗaukar hoto da wuri da wanda zai riƙe wayar. Amma tun daga shekarar 2022, lokacin da aka saki na'urorin zanen hoto irin su Stable Diffusion da Midjourney ga jama'a, mutum yana iya rubuta bayanin hoton da yake so, na'ura ta zana masa. Wannan rubutaccen bayani shi ake kira umarni, kuma rubuta shi na da ƙa'idojinsa.

Bari a ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. A ƙaddara wasu ɗalibai uku sun yi manhajar da mutum zai sayi kofi da ita tun yana hanya, ya biya, in ya iso gidan shan kofi ya tarar an haɗa masa. Suna son hoto ɗaya mai nuna wannan. Za su yi aiki da SDXL, wato samfurin Stable Diffusion da aka fitar a watan Yuli na 2023, domin kyauta ne, kuma yana barin mutum ya taɓa duk ma'aunansa.

Kafin a rubuta kome, ya kamata a san yadda na'urar take zane. Ba ta da rumbun hotuna da take ɗaukowa ta manna. Takan fara ne da dusa-dusa, irin wadda ake gani a talabijin in tasha ta ɗauke, sa'an nan ta riƙa share dusar kaɗan-kaɗan, mataki bayan mataki, tana karkata zanen zuwa ga abin da kalmomin umarnin suka nuna. Abin da ta koya daga miliyoyin hotuna shi ne kamannin abubuwa: waya takan yi kama da kaza, hannu yakan yi kama da kaza. Ba ta ƙidaya yatsu, kuma ba ta taɓa ganin manhajar ɗaliban nan ba. Daga nan ne manyan matsaloli biyu na wannan aiki suke tasowa, wato fuskar wayar da kuma hannun da ke riƙe da ita.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya bayyana wa na'urar manhajar tasa, ya ce ta zana maɓallin biya da jerin farashi da tambarin kamfani. To za ta zana wani abu mai kama da haka, amma in aka matso kusa sai a ga haruffan sun narke, ba su ba da wata kalma ba, maɓallan kuma ba inda aka tsara su suke ba. Sababbin na'urori, kamar FLUX.1 da ta fito a 2024, sun fi iya rubutu ƙwarai, amma su ma sake zana fuskar suke yi, ba kwafe ta daidai ba, sai a tarar an canja lamba ɗaya ko an karkace tambari. Mai zuba jari kuwa farashi yake fara dubawa. Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a raba aikin gida biyu: na'ura ta zana wurin da hannun da wayar, ta bar fuskar wayar fili, daga baya a ɗora hoton manhajar na gaske a kan filin. Ga umarnin da ɗaliban za su rubuta, da Turanci, domin da shi aka fi horar da na'urar:

```
close-up photo, over-the-shoulder view, one dark brown hand
holding a black smartphone upright, blank flat green screen
facing camera, phone on the right, cafe table, coffee cup,
soft window light, blurred background, 50mm lens, f/1.8
```

Kowane yanki a nan yana da aikinsa. An fara da matsayin kyamara, wato kallo daga bayan kafaɗa, domin in aka ce kawai "mutum yana amfani da waya a gidan kofi", sau da yawa fuskar mutumin za ta fito tare da bayan wayar, alhali gaban wayar ake bukata. An ce hannu ɗaya, don hannu biyu na nufin yatsu goma da za su iya lalacewa maimakon biyar. An faɗi launin fata a fili, saboda in aka yi shiru na'urar takan karkata ga abin da ya fi yawa a hotunan da ta koya daga gare su, ta ba da farin hannu, ko da kuwa masu sayen da ake nufi baƙaƙen fata ne. An nemi wayar ta tsaya a dama don a sami fili a hagu inda za a rubuta taken bayani, kodayake na'urar ba kullum take bin dama da hagu ba. In ta saɓa, sai a juya hoton kamar a madubi, tun da babu rubutu a cikinsa tukuna.

Lambobin ƙarshe kuwa yaren masu ɗaukar hoto ne. Gilashin kyamara mai `50mm` yana ba da gani kusa da na idon mutum, `f/1.8` kuma yana nufin an buɗe ƙofar haske sosai, abin da ke sa na kusa ya fito tar, na nesa ya dushe. Na'urar ba ta da gilashi, amma ta ga hotuna masu yawa da aka rubuta waɗannan lambobi a ƙarƙashinsu, sai ta kwaikwayi kamanninsu. Dusashewar bayan hoto na da riba biyu: ido yana tafiya kai tsaye ga wayar, kuma kurakuran da ke baya, kamar allon farashi mai rubutun banza ko fuskokin da ba su daidaita ba, suna ɓacewa.

Umarnin gajere ne da gangan. Sashen da ke karanta rubutu a SDXL, wanda ake kira CLIP, yana ɗaukar gutsattsarin kalmomi 77 ne kawai a lokaci guda, abin da ya wuce haka wasu manhajoji kan yanke shi su zubar. Shi ya sa ake sa abu mafi muhimmanci a farko. Haka nan ba a rubuta "ban da rubutu" a cikinsa, domin ambaton abu kansa yana iya jawo shi. Akwai wani gurbi dabam na abubuwan da ba a so:

```
text, logo, watermark, extra fingers, two phones, screen glare
```

Sai ma'aunai. An horar da SDXL a kan hotuna masu girman ɗigo 1024 sau 1024 da makamantansu, kuma 1344 sau 768 na daga cikin waɗanda take iyawa. Shi ne ya yi kusa da siffar 16:9 ta allon gabatarwa. Matakai 30 sun isa. Ma'aunin `CFG`, wanda ke faɗin yadda za ta manne wa umarnin, a bar shi wajen 6 ko 7, don in ya yi yawa launuka kan ƙone, fata ta koma kamar roba. A nemi hotuna takwas a tashi ɗaya a zaɓa. Kowane hoto yana da lambarsa ta `seed`, wadda ita ce ke ƙayyade dusar farko. In an sami wanda ya yi, a rubuta lambar a ajiye, don a iya dawo da shi a gyara kalma ɗaya ba tare da tsarin duka ya rushe ba.

Wajen zaɓe ake bukatar ido mai kyau. Mai riƙe da waya a tsaye, babban yatsansa na gefe ɗaya, kawunan yatsu uku ko huɗu suna leƙowa ta ɗaya gefen. A ƙidaya su. A duba ko wani yatsa ya nutse cikin jikin wayar, ko gefen wayar ya lanƙwashe kamar kwali, ko inuwar kofin ta faɗi wajen taga maimakon ta guje ta. In hannun ne kaɗai ya ɓaci, ba sai an watsar da hoton ba. Akwai dabarar `inpaint`, inda ake shafe wurin da ya lalace a ce na'urar ta sake zana shi kaɗai, da ƙarfin canji wajen 0.5, ƙasa da haka kuskuren yakan tsaya, sama da haka sosai sabon hannun yakan ƙi haɗuwa da tsintsiyarsa.

Yanzu saura ɗora manhajar, kuma nan akwai ɗan lissafi da malamai za su iya bai wa ɗalibai. Hoton fuskar manhajar yana da ɗigo 1080 a faɗi, 2340 a tsawo. A hoton da aka zana, in fuskar wayar ta ci kashi 70 cikin ɗari na tsawon 768, ta sami ɗigo wajen 540 ke nan. Wato za a matse manhajar fiye da ninki huɗu, rubutun da ke da tsawon ɗigo 40 ya koma 9, wanda ba mai iya karantawa daga kujerar baya. Don haka a fara ninka girman hoton sau biyu, ya zama 2688 sau 1536, a kuma zaɓi shafin manhajar da ke da manyan haruffa kaɗan, misali wanda ke cewa kofi ya haɗu, tare da farashinsa.

A cikin GIMP, wadda kyauta ce, ana ɗora hoton manhajar a sama, a ɗauki kayan aikin `Perspective`, a ja kusurwoyinsa huɗu zuwa kusurwoyi huɗu na koren filin. Kusurwa huɗu sun wadatar wajen ƙayyade yadda shimfiɗaɗɗen abu yake karkata a idon kyamara, saura duk lissafin na'ura ne. Sai a goge inda babban yatsa ya hau kan fuskar wayar, don yatsan ya kasance a sama, a kuma zagaye kusurwoyin su bi na wayar. Koren launi yana sauƙaƙa zaɓen filin, amma yakan bar ɗan kore-kore a gefen yatsu. In ya yi yawa a canja `green` zuwa `grey` a umarnin. A ƙarshe a rage hasken manhajar kaɗan ta dace da hasken ɗakin, in ba haka ba za ta fito kamar takardar da aka liƙa.

Abu ɗaya ya rage wanda ba na fasaha ba ne, amma yana iya cinye cinikin duka. Hannun nan ba na kowa ba ne, gidan kofin kuma babu shi a duniya. In ɗaliban suka bar masu zuba jari suka ɗauka cewa mai saye ne na gaske a shagon da suka ƙulla yarjejeniya da shi, tambaya ɗaya, "Wane shago ne wannan?", ta isa ta zubar da amincin duk lambobin da suka gabatar. Sai a rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan hoton cewa hoton misali ne, fuskar manhajar ce kawai ta gaske, kuma a riƙe wayar da manhajar ke aiki a cikinta a aljihu, don wanda ya nemi ya taɓa da hannunsa.